Me Ya Sa Lasifika Ke Kuka? Yadda Ake Tsara Sauti a Babban Ɗakin Taro

A yawancin manyan ɗakunan taro da ake ginawa a garuruwanmu, maganar sauti ita ce ta ƙarshe da ake tunawa da ita. Sai an gama shimfiɗa tayil, an yi silin, an jera fankoki da fitilu, sannan a tura wani kasuwa ya sayo lasifikoki, a ce masa ya zaɓo masu ƙarfi. Ranar taron farko sai a ga abin da aka saba gani. Na gaba suna toshe kunne, na baya suna tambayar juna abin da aka ce, can tsakiyar jawabi kuma lasifika ta tsandara wani kuka mai shiga har ƙwaƙwalwa. Sai a ɗora wa yaron da ke kula da na'ura laifi, ko a yanke shawarar cewa kayan ne ba su isa ba, a ƙaro manya.

Sau da yawa laifin ba na yaron ba ne, ba kuma na ƙarancin kaya ba. Abin da ke sa a ji magana tas a babban ɗaki, kuma ya hana lasifika kuka, tazara ce: tazarar da ke tsakanin baki da makirufo, da wadda ke tsakanin lasifika da makirufo, da wadda ke tsakanin lasifika da kunnen mai saurare. Wanda ya daidaita waɗannan zai yi taro mai kyau da kaya masu matsakaicin kuɗi. Wanda ya yi biris da su kuwa, ko kayan miliyoyi ya jera, kukan yana nan yana jiransa.

Domin a fahimci zancen, bari mu ɗauki ɗaki guda mu bi shi daki-daki. Tsawonsa mita 30, faɗinsa mita 15, daga ƙasa zuwa silin mita 6. Ƙasa tayil, bango filasta da fenti, tagogi na gilashi. Akwai dandamali a gaba mai zurfin mita 4, saura mita 26 kujeru ne na mutum 400. Irin ɗakin da ake yin walimar aure, ko lacca, ko tafsirin watan azumi a cikinsa.

Ɗakin ma yana magana

Kafin a kunna komai, a shiga ɗakin babu kowa, a tsaya a tsakiya a tafa hannu sau ɗaya da ƙarfi, a saurara. Ƙarar ba za ta mutu nan take ba. Za ta bugi bango ta koma silin, ta sauko kan tayil ta sake tashi, tana raguwa a hankali. Tsawon lokacin da take ɗauka kafin ta ɓace shi ne abu na farko da ya kamata mai tsara sauti ya sani.

Wanda ya fara auna wannan abu a ilmance shi ne Wallace Sabine, malamin kimiyya a jami'ar Harvard ta Amurka. A 1895 aka ba shi aikin gyara wani ɗakin lacca na jami'ar da ba a iya fahimtar magana a cikinsa. Ya riƙa kwaso matasan kujeru daga wani ɗakin yana zubawa a ciki, yana auna yadda ƙara ke saurin mutuwa, har ya gano ƙa'idar da ake aiki da ita zuwa yau: gwargwadon girman ɗaki, gwargwadon daɗewar ƙara a cikinsa, kuma gwargwadon yawan abubuwa masu laushi da ke shanye sauti, gwargwadon saurin mutuwarta.

Idan aka yi lissafin Sabine a kan ɗakinmu, babu kowa a ciki, za a samu kusan sakan 4. Idan mutum 400 suka cika shi, jikinsu da tufafinsu za su shanye sauti mai yawa, lokacin ya sauko zuwa wajen sakan ɗaya da rabi. Magana kuwa ta fi fita idan yana kusa da sakan ɗaya. Mai jawabi yana furta gaɓoɓi huɗu ko biyar a kowane sakan, don haka a ɗakin da ƙara ke daɗewa, gaɓar da aka furta ɗazu tana nan tana yawo lokacin da sabuwa ta fito, sai ta danne ta. Wasula ne ke da ƙarfi, su ne ke cika ɗaki. Baƙaƙe kuwa, waɗanda su ke rarrabe kalma da kalma, sirara ne marasa ƙarfi. Abin da ya raba sara da tsara da shara ɗan huci ne na ƙiftawar ido a farkon kalma, kuma shi amsa-kuwwar ɗaki ke fara haɗiyewa. Shi ya sa mutum zai ce yana jin muryar malam sarai amma bai san abin da yake faɗa ba.

Ƙara murya ba ya maganin wannan, domin duk abin da aka ƙara wa muryar, an ƙara wa amsa-kuwwar. Maganinsa biyu ne. Na farko a rage taurin ɗakin: labule mai kauri mai ninki-ninki a bangon baya, kafet a dandamali da hanyoyin wucewa, kujeru masu katifa maimakon na roba zalla. Bangon baya ya fi kowane muhimmanci. Sautin da ya tashi daga gaba zai yi mita 26 ya buge shi, ya yi wasu 26 ya dawo, ya iso kunnen mai jawabi bayan kusan milisakan 150, wato kashi ɗaya cikin bakwai na sakan. Wannan jinkiri ya isa mutum ya ji kamar wani na maimaita maganarsa, har ya riƙa sarƙewa. Masu gina ɗakunan taro da masallatai su sa wannan a lissafi tun daga zane, domin tun ran gini ran zane. Magani na biyu shi ne a kai sauti inda mutane suke, a hana shi zuwa inda ba kowa. Wannan aikin ajiye lasifika ne.

Inda lasifika za ta zauna

Lasifika kamar tocila take. Tana da inda take haskawa sosai, tana da gefe inda hasken ke dusashewa, bayanta kuma duhu ne. A takardar da ke zuwa da lasifika mai kyau za a ga an rubuta wani abu kamar 90° x 50°, ma'ana tana baza sauti digiri 90 a faɗi, digiri 50 a tsaye. Wannan ya fi shafar siraran sautuka, waɗanda muka ce su ne ran magana. Sauti mai kauri, irin na ganga da gurnani, ba ya bin wannan iyaka, ko'ina yake bazuwa har bayan akwatin.

Daga nan za a gane illar ajiye lasifika a ƙasa ko kan tebur. Siraran sautuka ba sa ratsa jikin mutum. Sahun farko da na biyu za su tare su, abin da zai isa baya sai gurnani. Dole ƙahon lasifika, wato ƙaramin bakin da ke sama wanda siririn sauti ke fita ta cikinsa, ya wuce kan mutumin da ke tsaye. A kan sanda, a ɗaga shi ya haura mita 2. A ɗaki irin namu da ke da tsayin mita 6, abin da ya fi shi ne a rataye lasifikar a wajen mita 4, a sunkuyar da ita ta kalli kujerun da ke can cikin rabon da aka ba ta. Ƙa'idar mai sauƙi ce: duk wanda ke zaune ya iya hango bakin ƙahon, idan ba ya ganinsa, ba ya jin baƙaƙe. A rataye ta kuma ta wuraren da kamfani ya tanada don haka, da ƙarfe mai ƙwari da sarƙar kariya, ba ta marikin ɗauka ba, domin akwati ne mai nauyi a saman kawunan mutane.

Sai maganar nisa. Duk lokacin da tazara daga lasifika ta ninka, ƙarfin sautin da ke zuwa kai tsaye yana raguwa da desibel 6. Desibel shi ne ma'aunin ƙarfin sauti, kuma kunne yana jin bambancin desibel 10 kamar ninki biyu. A ɗakinmu, wanda ke sahun gaba yana mita 3 daga lasifika, na ƙarshe yana mita 26. Bambancin da ke tsakaninsu ya kusa desibel 19. Idan aka ƙara murya har na baya ya ji daidai, na gaba yana jin abin da ya ninka haka kusan sau huɗu, kuma a nan ne aka zaunar da dattawa da manyan baƙi. Ban da haka, a ɗaki mai tauri irin wannan, da an wuce wajen mita 8 daga lasifika, amsa-kuwwar ɗakin ta fara rinjayar sautin da ke zuwa kai tsaye. Wanda ke mita 12 zai iya fahimta ba wahala. Wanda ke mita 26 kuwa, mafi yawan abin da ke shiga kunnensa daga bango da silin ya fito.

Abin da ya dace shi ne a raba aikin. Manyan lasifikoki biyu a gefen dandamali, dama da hagu, su ɗauki rabin ɗakin na gaba. Sannan a sa wasu biyu ƙanana a jikin bango, mita 14 daga na farkon, su ɗauki rabin baya. Dukkansu su kalli gefe ɗaya, wato daga dandamali zuwa baya. Da wannan tsari babu wanda zai yi nisa sosai da lasifika, don haka babu buƙatar a cika ƙarar kowace.

Akwai wani sharaɗi a nan da ake yawan tsallakewa. Wuta a cikin waya tana isa nan take, amma sauti a iska tafiya yake yi, kusan mita 350 a sakan a yanayin zafi irin namu. Idan aka haɗa lasifikokin baya kai tsaye, wanda ke zaune a ƙarƙashinsu zai ji kalma daga gare su, sannan bayan milisakan 40 ya sake jin ta daga na gaba, sai maganar ta yi dishi-dishi. Dole a jinkirta na bayan su jira sautin gaba ya iso. Lissafin shi ne a raba mita 14 da 350, a samu milisakan 40. Ƙwararru sukan ƙara wajen milisakan 10 a kai, ya zama 50, saboda wata ɗabi'a ta kunne da Helmut Haas ya yi nazari a kanta a Jamus a 1949: idan sauti iri ɗaya ya zo daga wuri biyu kusan lokaci guda, kunne yana jingina shi ga wanda ya riga isowa. Da wannan ɗan ƙari, mutumin baya zai ji kamar muryar daga bakin mai jawabi take fitowa, alhali lasifikar da ke kusa da shi ce ke yin aikin. Yawancin miksa na zamani masu allo suna da wurin saita wannan, an rubuta DELAY, kuma akwai ƙaramar na'ura da ake saya daban don wannan aiki.

Tsarin da na fi ganin yana ɓata taro shi ne a sa lasifika a kowace kusurwa huɗu, duk suna kallon tsakiya. Niyyar mai kyau ce, a ce kowa ya samu rabonsa. Amma kowane mai saurare zai ji kalma ɗaya sau huɗu a lokuta daban-daban, kuma biyun da ke baya suna harba sauti kai tsaye cikin makirufon mai jawabi.

Game da wat kuwa, wanda shi ne abin da mai shago ke fara ambata, lissafin zai ba mutane da yawa mamaki. Lasifikar da aka rubuta mata 97 dB tana ba da desibel 97 a nisan mita ɗaya da wat ɗaya tak. A mita 14 za ta ba da wajen 74. Da wat 10 za ta ba da 84, wanda ya ishi magana ko da fankoki na juyawa. Ana buƙatar rara mai yawa saboda lokutan da murya ke tashi, kiɗa kuma ya fi magana cin wuta nesa ba kusa ba. Duk da haka a riƙe cewa ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Nan gaba kaɗan za mu ga yadda ake samun ninkin wannan ba tare da kashe ko kwabo ba.

Makirufo da halinsa

Makirufo iri biyu ne suka fi yawa a ɗakunan taro. Akwai dainamik, wanda a cikinsa akwai 'yar fata siririya haɗe da naɗin waya a tsakiyar maganaɗisu. Ba ya buƙatar wuta, yana jure faɗuwa da ƙura da zafi, kuma an yi shi ne don a kusanto da shi bakin mai magana. Shahararren misalinsa shi ne Shure SM58, wanda ya fito tun 1966 kuma har yau ana ƙera shi. A kula wajen saye, domin jabunsa sun yi yawa a kasuwa, kuma na jabu yakan yi saurin kuka. Sai kwandensa, wanda ya fi kaifin ji da fitar da siraran sautuka. Irinsa ne mai dogon wuya da ake kafawa a kan mumbari ko teburin manyan baƙi, da ƙaramin da ake maƙalawa a riga. Yana buƙatar wuta, ko ta batir ko daga miksa ta maɓallin da aka rubuta 48V. Sau da yawa akan ce irin wannan makirufo ya lalace alhali maɓallin ne ba a danna ba.

Abin da ya fi nau'in muhimmanci ga maganar kuka shi ne ta ina makirufo ke ji. Wani yana ji ta kowane gefe daidai, irinsa ne yawancin na maƙalawa a riga. Wani yana ji ta gaba sosai, ta gefe kaɗan, ta baya kuwa kusan kurma ne. Shi ake kira kadiyod, kuma SM58 irinsa ne. Akwai kuma sufa-kadiyod, wanda ya fi tsukewa ta gaba, amma yana ɗan ji ta baya tsaf, kurmancinsa yana gefen baya ne, dama da hagu. Amfanin sanin wannan a aikace yake. Idan za a ajiye wa mai waƙa ko mai jawabi monita, wato lasifikar da ke ƙasa tana kallonsa don ya ji kansa, to a kadiyod a ajiye ta daidai saitin gindin makirufon. A sufa-kadiyod kuwa a ɗan kautar da ita gefe.

Kurmancin bayan nan ba haka kawai yake samuwa ba. Akwai ƙananan ƙofofi a ƙasan kan makirufon da sauti ke shiga ta baya ya kashe wanda ya zagayo ta gaba. Idan emsi ko mawaƙi ya dunƙule hannu a kan ragar, kamar yadda matasa ke yi don salo, ya toshe ƙofofin nan, makirufon ya koma mai ji ta ko'ina, muryar ta shaƙe, kuka ya taso. A riƙe shi ta mariƙinsa.

Wane ya dace da wane aiki? A wajen tafsiri, malam da alaramma mai jan baƙi suna zaune ne wuri guda, don haka kowa a ba shi nasa dainamik a kan ƙaramar sanda, a daidaita shi da bakinsa, yadda ba sai ya riƙe ba. A bar tazara tsakanin makirufon biyu wadda ta ninka tazarar baki da makirufo aƙalla sau uku, don kada muryar ɗaya ta shiga na ɗayan ta ɓata sauti. Mai lacca da ke yawo a dandamali, na kunne mai ɗan sanda da ke zuwa gefen baki ya fi masa na maƙalawa a riga. Na rigar yana ƙirji, nesa da baki, yana jin ɗakin gaba ɗaya, ga shi kuma babbar riga mai sitati tana gogarsa duk lokacin da aka gyara ta a kafaɗa. Mara waya yana da daɗin aiki wajen biki da karɓar tambayoyi, amma a sa masa sabon batir kafin kowane taro, a ajiye akwatin karɓarsa a sarari inda eriyarsa ke hangen mai magana, kuma a tanadi mai waya guda a gefe saboda ɓacin rana.

Yadda kukan ke tasowa

Masu sana'ar suna kiransa fidbak. Murya ta shiga makirufo, amfilifaya ta ƙara mata ƙarfi, ta fita ta lasifika. Wani ɓangare na abin da ya fita ya dawo cikin makirufon, kai tsaye ko bayan ya bugi bango. Idan abin da ya dawo bai kai wanda ya shiga da farko ƙarfi ba, zai zagaya yana raguwa har ya mutu. Idan ya kai shi ko ya fi, kowane zagaye sai ya ƙaru, cikin ƙanƙanin lokaci ya zama ƙugi ko fito. Yana kamawa ne a sauti guda ɗaya, wanda makirufo da lasifika da ɗakin suka haɗu suka fi ƙarfafawa. Kuma kafin ya ɓarke yana yin gargaɗi: za a ji ƙarshen kowace kalma yana jan wata 'yar ƙara kamar ta ƙarfe. Mai kunnen aiki da ya ji haka zai rage murya kaɗan tun kafin jama'a su ankara.

Ke nan kowane ɗaki da kayansa suna da iyakar da murya ba za ta wuce ba. Duk aikin shi ne a ɗaga wannan iyaka, kuma hanya mafi ƙarfi ita ce mafi araha. Ka'idar desibel 6 da muka gani tana aiki a nan ma. Mai jawabin da ya tsaya santimita 40 daga makirufo, idan ya matso zuwa 20 an samu desibel 6, zuwa 10 an samu 12, zuwa 5 an samu 18. Wato muryarsa ta ƙaru da desibel 18 ba tare da an taɓa maɓalli ko ɗaya ba, kuma ba a matsa kusa da kuka ko taku ɗaya ba. Da amfilifaya za a nemi wannan ƙari, sai an ninka wat fiye da sau sittin, kuma kukan ba zai bari a kai ko'ina ba. Shi ya sa nake ganin mafi amfanin abin da mai kula da sauti zai yi kafin taro shi ne ya je wurin masu jawabi cikin ladabi ya ce, ranka ya daɗe, a bar kamar yatsu uku tsakanin baki da makirufo, kuma idan za a juya a juya tare da shi. Babban mutum ba ya ƙin irin wannan magana idan an faɗa masa a keɓe.

Na biyu, manyan lasifikoki su kasance gaba da layin makirufo, suna ba shi baya. Lasifikar da aka jingina da bangon da ke bayan mai jawabi tana zuba sautinta ne cikin makirufo. Idan emsi zai sauka cikin jama'a da mara waya, a nuna masa tun da wuri wuraren da ba zai ratsa ba.

Na uku, a rufe duk makirufon da ba a magana da shi. Duk lokacin da yawan waɗanda ke buɗe ya ninka, ana asarar desibel 3. Teburin manyan baƙi mai makirufo takwas duk a buɗe ya cinye desibel 9 kafin kowa ya buɗe baki. Maɓallin MUTE don wannan aka yi shi.

Akwai kuma eko, wanda ake son sawa a muryar mai karatu ko mai waƙa don ta yi zaƙi. A fili yana iya yin daɗi. A ɗakin da ya riga ya cika da amsa-kuwwarsa, ƙari ne a kan cuta: yana haɗiye baƙaƙe, yana kuma kusanto da kuka. Ga wa'azi da lacca da sanarwa, a rufe shi ɗungurungum.

Sai an gama da waɗannan ake zuwa kan ikwalaiza. Da farko a danna LOW CUT a layin kowane makirufon magana. Yana yanke abin da ke ƙasa da wajen 80 Hz ko 100 Hz, inda babu komai na magana sai rugugin janareta da bugun iska da motsin hannu. Daga nan a yi abin da ake kira tatsar kuka, kafin mutane su shigo. A jera kowane makirufo a inda zai zauna, a mayar da ikwalaiza tsakiya, a buɗe babban makirufon, a riƙa ɗaga murya sannu a hankali har a ji sauti guda ya fara tasowa. A tsaya nan, kada a bari ya ɓarke, domin yana iya ƙona ƙahon lasifika. A gano ko wane sauti ne. Mai kauri irin huuu yakan kasance tsakanin 250 Hz da 500 Hz. Mai kama da waƙa yana wajen 1 kHz zuwa 2 kHz. Siririn fito mai soka kunne yana sama da 3 kHz. Akwai manhajojin waya na kyauta da ke nuna lambar a allo. A ikwalaiza mai sanduna 31, a sauke sandar da ta dace da wajen desibel 3, sannan a ci gaba da ɗagawa har na biyu ya fito, a yi masa haka.

Bayan sau huɗu ko biyar a dakata. Idan aka ga sautuka da yawa suna tasowa tare, ko sanda ɗaya tana ta neman a ƙara sauke ta, an kai iyakar abin da ikwalaiza zai iya, sauran gyaran na wurin ajiye kaya ne. Wanda ya ci gaba da saukewa har rabin sandunan suka kwanta bai ƙaru da komai ba, murya kawai ya rage ta wata hanya, ya kuma lalata ta. A yi taka-tsantsan musamman tsakanin 2 kHz da 4 kHz, domin nan ne baƙaƙen magana suke. Idan an gama, a sauke babbar murya da wajen desibel 6 daga inda kukan ke farawa, a sa alama da tef a wurin, don duk wanda ya karɓi aikin ya san iyakarsa. Idan ɗaki ya cika, yanayin zai sauya, galibi ya ƙara sauƙi tunda jikin mutane na shanye sauti, amma a sake saurare da kyau a mintunan farko.

Ba kowace ƙara ce fidbak ba, kuma gane bambancin yana hana ɓata lokaci. Gwajin ɗaya ne: a rufe duk makirufo. Idan ƙarar ta ɗauke, fidbak ne ko hayaniyar da makirufo ke ɗauka. Idan wani gurnani mai kauri mara sauyawa ya ci gaba, wannan daga wutar lantarki yake, wadda a ƙasashenmu take kaɗawa sau 50 a sakan. Yakan faru idan miksa na jone a soket ɗaya, amfilifaya ko kwamfuta a wani soket mai nisa, ko an ja doguwar waya mara kariya kusa da wayar wuta. A jona kayan sauti duka daga tushe guda, a yi amfani da waya mai baki uku irin ta XLR ga duk tafiya mai nisa, a raba hanyarta da ta wayar janareta. Kada a cire ƙafar as ta fulogi don kashe gurnanin, ko da kuwa hakan ya kashe shi. Ita ce ke kare wanda ya riƙe makirufon ƙarfe daga jan wuta idan wani abu ya lalace a cikin amfilifaya.

Idan kuma duk da shiri kukan ya ɓarke ana tsakiyar taro, mai riƙe da makirufo kada ya rufe kansa da tafin hannu, domin hakan ƙara shi yake yi. Ya kautar da shi daga saitin lasifika, ya ja baya daga gare ta. Mai kula da miksa kuma ya sauke layin makirufon da ya jawo matsalar shi kaɗai, ya duba ko an bar wani a buɗe a kan tebur, sannan ya dawo da muryar a hankali zuwa ƙasa kaɗan da inda take a da.